Rajista, Fas da Ƙuri'a: Yadda Aka Gina Dokokin Wariyar Launin Fata a Afirka ta Kudu, da Yadda Aka Warware Su

A watan Mayu na 1948 jam'iyyar National ta Daniel Malan ta ci zaɓe a Afirka ta Kudu, duk da cewa ƙuri'un da ta samu ba su kai na jam'iyyar Firayim Minista Jan Smuts ba. Yadda aka yanka mazaɓu ne ya ba ta nasara, domin ƙuri'ar manomin karkara ta fi ta mutumin birni nauyi. Daga wannan shekarar ake fara lissafin mulkin wariyar launin fata, amma Malan bai tarar da fili fetal ba. Tun 1913 an yi dokar filaye wadda ta hana baƙar fata saye ko hayar ƙasa a wajen yankunan da aka keɓe masa, yankunan da ba su wuce kashi 7 cikin ɗari na faɗin ƙasar ba. A 1936 aka yi alkawarin ƙara su zuwa kimanin kashi 13, a shekarar kuma aka cire baƙaƙen lardin Cape daga jerin masu zaɓe na kowa da kowa. Dokar ma'adinai ta 1911 ta riga ta buɗe hanyar keɓe wa Turawa ayyukan gwaninta, dokar birane ta 1923 kuma ta ba hukumomin gari ikon ware wa baƙaƙe unguwanni a bayan gari.

Abin da gwamnatin 1948 ta ƙara shi ne haɗa waɗannan dokoki su zama abu ɗaya, kowace tana jingine da 'yar'uwarta. Sai an gane wace ce ke ɗauke da wace kafin a fahimci abin da ya sa tsarin ya yi shekara arba'in da 'yan kai, da abin da ya sa wasu sassansa suka faɗi da sa hannu ɗaya, wasu kuwa har yau ana fama da su.

Rajistar da komai ya hau kanta

Kafin 1950 kowace doka tana da nata ma'aunin gane jinsin mutum. Ana iya ɗaukar mutum Bature a wurin aiki, a ɗauke shi wani abu dabam a wajen ɗaurin aure, in ya koma wani gari kuma ya sake zama. Dokar Rajistar Jama'a ta 1950 ta zo ne don ta toshe wannan kafa. Ta ce a rubuta kowane ɗan ƙasa a rukuni ɗaya cikin uku: fari, ko baƙi, ko ruwa-biyu, a ba shi katin shaida mai ɗauke da rukuninsa. A 1959 aka sake yayyanka rukunin ruwa-biyu gida bakwai, har da Indiyawa da Sinawa da Malayawan Cape. Daga nan ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar gardama da kowa: ya duba kati, ya san makarantar da ɗanka zai shiga, da unguwar da za ka kwana, da matar da doka ta yarda ka aura.

Matsalar tana cikin ma'aunin kansa. Dokar ta ce fari shi ne wanda ga ido fari ne, ko wanda jama'a suka ɗauka fari ne, amma ban da wanda ga ido fari ne alhali jama'a sun ɗauke shi ruwa-biyu. Wato babu wani awo na ilimi a ciki, sai kamanni da abin da maƙwabta ke faɗa. An fara cika rajistar da bayanan ƙidayar 1951, inda aka yi shakka kuma sai jami'i ya kira mutum ya dube shi, ya tambaye shi su wa yake hulɗa da su, wane coci yake zuwa. Wasu jami'an har fensir suke soka wa mutum a gashi su ga ko zai zame. Wanda bai yarda da hukuncin ba yana iya kai ƙara gaban hukumar tantance jinsi, daga nan zuwa kotu, kuma duk shekara ana sauya wa ɗaruruwan mutane rukuni.

Labarin Sandra Laing ya nuna inda wannan ma'auni ke kaiwa. An haife ta a 1955 a garin Piet Retief, uwa da uba duk farare a rajista, amma ita fatarta ta yi duhu, gashinta kuma ya murɗe. A 1966 aka mayar da ita ruwa-biyu, aka fitar da ita daga makarantar kwana ta 'ya'yan Turawa tana 'yar shekara goma. A 1967 majalisa ta gyara dokar ta ce wanda iyayensa biyu farare ne shi ma fari ne, sai ta sake komawa fara a takarda. Yarinyar ba ta canja ba, rubutu ne ya canja sau biyu cikin shekara biyu. An yi ta yi wa dokar kwaskwarima ne saboda abin da take son aunawa ba abu ne mai aunuwa ba, kuma duk da haka a kanta aka ɗora dokar hana auratayya ta 1949, da dokar raba unguwanni ta 1950, da dokar ilimin baƙaƙe ta 1953.

Sa'o'i 72

Dokar raba unguwanni ita aka fi sani, saboda ana ganin aikinta da ido. Gwamnati ta shelanta cewa yanki kaza na jinsi kaza ne, duk wanda ba na jinsin ba ya zama ba shi da ikon mallaka ko zama a wurin, sai a sa masa ranar tashi. Haka aka yi wa unguwar District Six ta Cape Town a Fabrairun 1966, aka kwashe mutum kusan 60,000 zuwa filayen bayan gari. Sophiatown ta Johannesburg kuwa da wata doka ta musamman ta 1954 aka tashe ta, domin baƙaƙen wurin suna da takardun mallakar gidajensu. An ƙiyasta cewa mutum miliyan uku da rabi aka tasa daga mazauninsu tsakanin 1960 da 1983.

Amma dokar da ta fi shiga rayuwar baƙar fata kullum safiya ita ce ta fas, wato takardar izinin zama da zirga-zirga. Masu ma'adinai da masana'antu da gonaki suna son ƙwadagon baƙaƙe, gwamnati kuma ba ta son baƙaƙen su zama 'yan gari, domin ɗan gari gobe zai nemi ƙuri'a. A 1952 aka yi dokoki biyu don sasanta waɗannan buƙatu. Ta farko ta haɗa takardun izini iri-iri cikin ɗan littafi ɗaya da duk baƙar fata mai shekara 16 zai riƙa yawo da shi, ɗauke da hotonsa, da shaidar biyan haraji, da sa hannun ubangidansa na kowane wata, da hatimin inda aka yarda ya zauna. Ta biyun ta gyara sashe na 10 na dokar birane, ta ce baƙar fata ba zai wuce sa'o'i 72 a birni ba sai in ya cika ɗaya daga sharuɗɗa huɗu.

Sharaɗi na farko, a ce a garin aka haife shi kuma bai taɓa barinsa ba. Na biyu, ya yi wa ubangida ɗaya aiki shekara goma ba yankewa, ko ya zauna a garin bisa izini shekara goma sha biyar. Na uku, ta kasance matar mai ɗaya daga waɗannan haƙƙoƙi biyu, ko 'yarsa da ba ta yi aure ba, ko ɗansa ƙarami, kuma suna zaune tare da shi. Na huɗu, izinin wucin gadi daga ofishin ƙwadago, wanda ke mutuwa ranar da aiki ya ƙare. Idan ɗan sanda ya tare mutum, ba hukuma ce za ta tabbatar ya wuce sa'o'i 72 ba, shi ne zai tabbatar bai wuce ba. Shari'ar kan ɗauki 'yan mintuna a kotun kwamishina, sai tara ko kurkuku, sai a buga masa hatimin kora zuwa yankin ƙabilarsa, ko da bai taɓa ganin wurin ba. A ƙarshen shekarun 1960 ana gurfanar da sama da mutum rabin miliyan a shekara kan laifin fas. Wannan littafi ne ya fito da mata kusan 20,000 zuwa fadar gwamnati a Pretoria ranar 9 ga Agustan 1956, shi ne kuma aka taru a kansa a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, inda 'yan sanda suka harbe mutum 69.

Sharaɗi na biyu ƙofa ce da ma'aikaci mai haƙuri zai iya shiga, don haka a 1968 aka kulle ta da ƙa'idar ofis ba tare da an taɓa dokar ba. Aka ce duk ɗan ci-rani kwantiragin shekara ɗaya zai riƙa yi, in ta cika ya koma gida, ya sake rajista a ofishin ƙwadago na yankinsu, sannan ya dawo. Ko ya shekara ashirin a masana'anta ɗaya, a takarda bai taɓa wuce shekara ɗaya a jere ba. A riƙe wannan, domin a nan ne bangon ya fara tsagewa daga baya.

Yadda aka kulle kotu da akwatin zaɓe

Irin wannan tsari ba ya tsayawa muddin waɗanda ake zalunta suna da inda za su kai kuka a saurare su. Wurare biyu suka rage a farkon shekarun 1950, kotu da ƙuri'ar 'yan ruwa-biyu a Cape, kuma yadda aka bi da su shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci ga mai nazarin doka.

A lokacin alƙalai suna bin wata tsohuwar ƙa'ida: hukuma na iya raba wurare, amma in rabon ya zo da fifiko mai yawa, kuma majalisa ba ta ba da izinin fifikon a fili ba, to ƙa'idar ofishin ta ɓaci. A kan haka kotun ɗaukaka ƙara ta wanke wani baƙar fata a 1953, wanda aka kama a ɗakin jiran Turawa na tashar jirgin ƙasa ta Cape Town, saboda ɗakin da aka ware wa baƙaƙe bai kama ƙafar na Turawa ba. Kafin shekarar ta fita majalisa ta yi dokar raba wuraren jama'a, ta rubuta ƙarara cewa ba dole ne wuraren su zama daidai ba, ba dole ne ma a tanadar wa ɗaya jinsin komai ba. A tsarin da ƙasar ta gada daga Birtaniya majalisa ce gaba da kowa, babu kundin haƙƙin ɗan Adam da alƙali zai auna doka da shi. Duk hukuncin da bai yi wa gwamnati daɗi ba, gyaran doka ɗaya ya ishe shi.

Ƙuri'ar 'yan ruwa-biyu ta fi wuya, domin kundin kafa ƙasar na 1909 ya ce ba a taɓa ta sai da kashi biyu cikin uku na majalisun biyu a zama ɗaya, gwamnati kuwa ba ta da wannan adadi. A 1951 ta yi dokar cire su da rinjaye na yau da kullum, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta a Maris 1952. Sai gwamnati ta yi wata doka ta naɗa majalisa kanta a matsayin babbar kotun da za ta sake duba hukuncin, kotu ta soke wannan ma. A 1955, zamanin Firayim Minista Strijdom, aka canja dabara. Aka ƙara alƙalan kotun zuwa goma sha ɗaya, aka faɗaɗa majalisar dattawa daga kujera 48 zuwa 89 ta hanyar da yawancin sababbin kujerun suka faɗa hannun jam'iyya mai mulki. Da haka aka sami kashi biyu cikin ukun a 1956. Da maganar ta koma kotu, alƙalai goma suka amince, Oliver Schreiner kaɗai ya ƙi. Ba a karya harafi ɗaya na kundin ba, an dai cika ɗakin da mutanen da za su ɗaga hannu.

Bayan wannan sauran ya zo da sauƙi: haramta ANC da PAC, manyan ƙungiyoyin gwagwarmayar baƙaƙe, a 1960, tsare mutum kwana 90 ba shari'a a 1963, kwana 180 a 1965, sannan dokar ta'addanci ta 1967 da ta ba da damar tsarewa ba iyaka. Hawa na ƙarshe shi ne raba baƙaƙe da zama 'yan ƙasa ɗungurungum. Dokar 1970 ta mayar da kowane baƙar fata ɗan ɗaya daga yankunan ƙabilu, waɗanda a ƙarshe suka zama goma, aka kuma ba huɗu abin da aka kira 'yancin kai: Transkei a 1976, Bophuthatswana a 1977, Venda a 1979, Ciskei a 1981. Babu ƙasar da ta amince da su in ban da Afirka ta Kudu, amma a dokar cikin gida miliyoyin mutane sun wayi gari baƙi a ƙasar haihuwarsu.

Inda ya fara tsagewa

Tsarin yana da rauni biyu tun asali. Yana cin ma'aikata da kuɗi masu yawa, kuma tattalin arzikin da yake karewa ya girma ya fi ƙarfinsa. Masana'antar shekarun 1970 tana son ma'aikacin da ya iya inji kuma zai daɗe, ba wanda za a sallama duk shekara ba. Yajin aikin Durban na 1973 da boren ɗaliban Soweto na Yunin 1976 suka nuna cewa danniya kaɗai ba za ta riƙe birane ba. A 1979 gwamnati ta amince da ƙungiyoyin ƙwadagon baƙaƙe, da niyyar jawo 'yan birni a jika a bar 'yan ci-rani a waje.

A wannan shekarar aka kafa cibiyar lauyoyi masu kare talakawa kyauta a Johannesburg, ƙarƙashin Arthur Chaskalson da abokan aikinsa. Sun san ba za su iya ce wa kotu dokar fas zalunci ce ba, domin alƙali ba shi da hurumin sauraron wannan. Sai suka nemi inda ƙa'idar ofis ta zarce abin da dokar majalisa ta faɗa. A shari'ar Komani ta 1980, wani mazaunin Gugulethu mai cikakken haƙƙin zama ya nemi matarsa ta zauna tare da shi, hukuma ta ce sai da wata takardar izinin kwana, wadda hukumar ce kuma ke hana ta. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce sashe na 10 ya riga ya ba matar haƙƙi, ƙa'idar ofis ba ta isa ta ƙwace shi ba.

Shari'ar Mehlolo Tom Rikhoto ta fi wannan nisa. Ma'aikaci ne a wata masana'anta a Germiston, ya yi wa kamfani ɗaya aiki sama da shekara goma, duk shekara yana komawa gida ya sabunta kwantiragi kamar yadda ƙa'idar 1968 ta tilasta. Da ya nemi hatimin zama na dindindin, hukumar yankin ta ce aikinsa yana yankewa duk shekara. Lauyoyinsa suka nuna cewa shi da kamfanin ba su taɓa nufin rabuwa ba: lokacin hutunsa yake tafiya, ya dawo kan aikinsa, sabunta takardar kuwa cika umarnin ofis ne kawai. Kotun ɗaukaka ƙara ta yarda da haka a 1983. Hukuncin ya shafi dubun-dubatar 'yan ci-rani masu irin halinsa, kuma dabarar da aka ƙulla tun 1968 ta rushe.

Kada a ɗauka an gama. Jami'ai sun yi ta jan ƙafa, suna neman takardun shaidar aiki na shekara goma da ma'aikata da yawa ba su da su, ga kuma ƙarancin gidaje, tunda gwamnati ta kusan daina gina gidajen iyali a unguwannin baƙaƙe tun ƙarshen shekarun 1960. Amfanin irin waɗannan hukunce-hukunce shi ne sun tsadantar da aiwatar da doka. Haka ya faru da dokar raba unguwanni a 1982, lokacin da alƙali Richard Goldstone ya yanke, a shari'ar wata Ba'indiya da ke zaune a unguwar Turawa a Johannesburg, cewa kotu ba za ta ba da umarnin fitar da mutum kai tsaye ba sai ta duba ko yana da inda zai koma. Gurfanar da mutane kan wannan laifi ya ja baya ƙwarai, unguwanni irin su Hillbrow suka cakuɗe alhali dokar tana nan a littafi. Alamar da ake gane doka ta mutu kafin a soke ta ke nan: masu karya ta sun fi ƙarfin masu kamawa, masu gabatar da ƙara kuma sun daina kai ta kotu.

Sauran matsin ya zo daga titi da kuma waje. Kundin 1983 ya kafa majalisa mai zaure uku, na Turawa da na ruwa-biyu da na Indiyawa, ya bar baƙaƙe a waje, abin da ya haifar da UDF, gamayyar ƙungiyoyin adawa da wariya, da boren da ya game unguwanni daga 1984. A Majalisar Ɗinkin Duniya kwamitin yaƙi da wariya, wanda 'yan Nijeriya suka daɗe suna shugabanta, ciki har da Maitama Sule, ya yi ta tura maganar takunkumi. A 1985 bankunan waje suka ƙi sabunta basussukan gajeren lokaci, gwamnati ta dakatar da biya a Satumba. A shekarar aka soke dokar hana auratayya, a 1986 aka soke dokokin fas. Sai dai a duba yadda abin yake: Bature da baƙar fata sun sami ikon yin aure, amma dokar unguwanni ba ta ba su inda za su zauna tare ba. An cire rassa, rajista tana nan, kuma a Yunin 1986 ɗin aka ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a ƙasa baki ɗaya.

Sokewa, sannan sauya mai yin doka

Shugaban ƙasa F. W. de Klerk ya halatta ANC da sauran ƙungiyoyi ranar 2 ga Fabrairun 1990, aka saki Nelson Mandela ranar 11 ga watan. A Oktoba aka soke dokar raba wuraren jama'a. A Yunin 1991 aka soke dokokin filaye na 1913 da 1936 da dokar raba unguwanni, sannan dokar rajista. Ko a nan sai da aka bar wani sharaɗi: jariran da za a haifa ba za a rubuta musu jinsi ba, amma tsohuwar rajista za ta ci gaba da aiki, domin majalisa mai zaure uku a kanta take zaune. Da ita aka yi ƙuri'ar raba gardama ta Turawa zalla a Maris 1992, inda kusan kashi 69 cikin ɗari suka goyi bayan ci gaba da tattaunawa.

Soke dokoki bai taɓa tushen matsalar ba, wato majalisar da ba ta da linzami kuma tsiraru ne ke zaɓenta. Jam'iyyar National ta so a rubuta kundin dindindin a teburin sulhu, inda take da ƙarfi. ANC ta ce zaɓaɓɓu ne kaɗai za su rubuta shi. Tattaunawar ta watse bayan kisan gillar da aka yi wa mutane a unguwar Boipatong a Yunin 1992, aka dawo bayan yarjejeniyar da gwamnati da ANC suka ƙulla a Satumba. Mafitar da aka samu hawa biyu ce. Teburin sulhu ya rubuta kundin riƙon ƙwarya a 1993, tare da ƙa'idoji 34 da kundin dindindin ba zai saɓa musu ba. Zaɓaɓɓiyar majalisa za ta rubuta na dindindin da kashi biyu cikin uku, sabuwar kotun tsarin mulki kuma ta auna shi da ƙa'idojin. Aka tabbatar wa ma'aikatan gwamnati aikinsu da fanshonsu, aka ce duk jam'iyyar da ta sami kashi 5 cikin ɗari tana da kujera a majalisar ministoci na shekara biyar, aka yi alkawarin afuwa, wadda daga baya aka ɗaura ta da sharaɗin faɗin gaskiya. Yankunan ƙabilu goma suka narke cikin larduna tara.

A zaɓen 27 ga Afrilun 1994 ANC ta sami kashi 62.6, ƙasa da kashi biyu cikin uku, don haka dole ta nemi haɗin kan wasu. Kotun ma ba ta zama 'yar amshin shata ba: a Satumban 1996 ta mayar da daftarin farko saboda ya gaza wasu ƙa'idojin, sai da aka gyara ta amince, Mandela ya sa hannu a Sharpeville ranar 10 ga Disamba. Shugaban kotun a lokacin shi ne Chaskalson, lauyan nan na shari'o'in fas.

Abin da sokewa ba ta mayarwa

Dokar da hani kawai take yi, kamar ta aure ko ta bencin tasha, tana mutuwa ranar da aka soke ta. Dokar da ta kwashe dukiya daga wani hannu zuwa wani kuwa, soke ta yana barin dukiyar inda take, sabon kundi ma ya zo ya kare mallakar. Shi ya sa aka yi dokar mayar da filaye a 1994. Ta ce wanda aka raba da filinsa ta dokar wariya bayan 19 ga Yunin 1913, shi ko magadansa, ya shigar da buƙata kafin ƙarshen 1998. An shigar da kusan 80,000. Ranar 1913 ɗin ta bar duk ƙwacen da aka yi zamanin yaƙe-yaƙen mamaya a waje, alhali a nan mafi yawan ƙasar ta tafi. Yawancin buƙatun birni da kuɗi aka biya su, ba da fili ba, a karkara kuma sau da yawa al'ummu biyu ko uku ne ke da'awar wuri ɗaya, kowacce da gaskiyarta, saboda an tashe su a lokuta dabam-dabam. Burin raba kashi 30 cikin ɗari na gonakin Turawa cikin shekara biyar bai ko kusa cika ba, aka yi ta ɗaga wa'adinsa.

Akwai kuma dokokin da suka tsallake 1994 da ransu. Don kada ƙasa ta wayi gari ba doka, kundin riƙon ƙwarya ya ce duk dokar da ke aiki za ta ci gaba har sai majalisa ta soke ta ko kotu ta rushe ta, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Dokar mulkin baƙaƙe ta 1927 tana cikinsu. A ƙarƙashin sashenta na 23, idan baƙar fata ya mutu bai bar wasiyya ba, ana raba gadonsa ta wata hanya dabam da ta sauran jama'a, dukiyar ta tafi ga namiji mafi kusa. A kan haka wasu 'yan mata biyu ƙanana a Khayelitsha suka tashi rasa gidan mahaifinsu, domin majistare ya naɗa kakansu magaji, shi kuma ya yi niyyar sayar da gidan. Sai a Oktoban 2004, shekara goma bayan zaɓen farko, kotun tsarin mulki ta rushe sashen a shari'ar Bhe, ta ce 'yan matan ne magada.